Yadda ake zama da turare a ofis idan akwai mai laulayi ko mai ciwon ɓarin kai

Ni dai mai turare ce, ina haɗa humra da turaren wuta a gida nan Tudun Wadan Zariya ina sayarwa, kuma ina aikin ofis, ɗaki ɗaya mu shida. Sannan ina da ciwon ɓarin kai tun ina budurwa, wanda likitoci ke cewa maigiren, na kuma yi laulayi sau huɗu, biyu daga ciki ko murfin kwalbar humrata ban iya buɗewa sai dai ƙanwata ta zuba wa masu saye. To kin ga na san abin ta kowane gefe. A ofishinmu duk lokacin da wata ta samu juna biyu ni ake turo wa maganar, har daga ofisoshin da ke kusa da mu ana zuwa a ce dan Allah Anti zo ki gyara mana kamar yadda kika yi a naku. Abin da nake yi kenan zan zayyana miki, ke da aka ɗora wa wannan aikin ko ke da abin yake damu. Maza ma ku karanta don rabin maganar taku ce.

Abu ɗaya nake so ki riƙe tun daga nan, ba a kashe wari da ƙamshi. Duk gyaran da za ki yi, ko dai ki rage ƙamshin tun daga inda yake fitowa, ko ki ba iska hanyar fitar da shi.

Kayan da za ki tanada

Ƙaramin littafi da biro, wannan shi ne kan gaba. Fanka ta tsaye ko ta tebur, in da hali mai caji saboda halin wutarmu. Leda mai zif ko bokiti mai murfi da ke rufuwa gam. Bekin soda irin ta masu yin kek, da ruwan khal fari. Sabulun wanki marar ƙamshi, sabulun sanda na gargajiya ma ya yi in kin shinshina kin ji ba turare a ciki. Ɗanyar citta, lemon tsami, busasshen biskit ko gasasshen burodi, gorar ruwa, da ƙaramin tawul. Sallaya ɗaya da hijabi ɗaya da za a ware wa mai lalurar. In ba bekin soda, khal kaɗai ya isa. In ba ko ɗaya, rana da iska suna yin aikin, kwana ne dai zai ƙaru.

1. Fara sanin da wa kike

Mai laulayi da mai ciwon ɓarin kai ba ɗaya ba ne duk da cewa hanci ne ƙofar wahalarsu.

Laulayi yakan fara ne wajen sati na 6 na ciki, ya yi tsanani wajen sati na 9 zuwa na 12, galibin mata kuma yana sakinsu tsakanin sati na 16 da na 20, ko da yake akwai waɗanda yake bi har ɗakin haihuwa. Sinadaran jiki ne ke hauhawa a lokacin, musamman wanda ake gani a gwajin ciki, sai abin da jiya take so yau ya zama shi ke tayar mata da zuciya. Ki lura da lissafin nan da kyau, lokacin da abin ya fi tsanani shi ne lokacin da cikin bai fito ba, kuma mu nan mace ba ta buɗe baki ta ce ina da ciki a wata na biyu, balle in na fari ne, kunya ba za ta bar ta ba. Shi ya sa za ki ga yarinya tana ta fita waje kamar mai amsa waya, tana rufe hanci da gefen mayafi, tana yawan tofar da yawu a tishu, kowa na cewa ta cika yanga, alhali ita kaɗai ta san me take ji.

Ciwon ɓarin kai kuwa zuwa yake ya tafi. In ya tashi ba a sha magani ba yana ɗaukar awa 4 har zuwa 72, yawanci gefe ɗaya, yana bugawa kamar ana daka, ga tashin zuciya, haske da ƙara duk ba a so. Mata sun fi maza samunsa kusan ninki uku, amma maza ma suna yi, kar a ce ciwon mata ne. Wasu kafin ya zo sukan ga walƙiya-walƙiya ko zane mai karkace a idonsu na minti 5 zuwa awa ɗaya. Ƙamshi yana shiga ta hanya biyu: yana iya tayar da ciwon, kuma in ciwon ya riga ya kama hanya hanci yakan ƙara kaifi tun awanni kafin kan ya fara sara. Ni in na ji warin omo a rigar mai keke tun daga nesa na san ranar sai a hankali. Wannan ne ya sa turare ɗaya zai kwantar da mutum ranar Litinin, ranar Laraba kuma ya zauna kusa da shi lafiya, sai a ce ƙarya yake. Ba ƙarya ba ne, ranar Litinin ɗin wataƙila bai yi barci ba, bai karya ba, ko ita tana gab da al'ada, turaren ne ya cika mudun.

Bambancin da zai shafi aikinki shi ne na mai ciki gyaran wata biyu ko uku ne mai tsauri, na mai ciwon kai kuma gyara ne mai sauƙi amma na dindindin.

2. Yi magana da ita a keɓe, sannan ku buɗe littafi

Kar ki tare ta a gaban mutane. Ki ja ta waje, ki ce ƙanwata na lura kamar ƙamshi na damunki kwana biyu, ba sai kin faɗa min dalili ba, me da me ne ba kya so? Ki kuma tambaye ta abin da ta yarda a faɗa wa sauran. In ta ce kar a ambaci ciki to kar a ambata, amana ce.

Sai ki ba ta littafin ta riƙe kwana 7, mai ciwon kai kuma sati biyu zuwa huɗu don nasa ba kullum yake zuwa ba. Duk lokacin da abin ya taso ta rubuta ƙarfe nawa, wane wari ta ji, a ina take zaune, ta ci abinci ko ba ta ci ba, da yadda ya kai, ko tashin zuciya ne kawai ko har da amai ko sai da ta tafi gida. In ba ta son rubutu ta riƙa tura wa kanta saƙon murya a waya.

Kar ki tsallake wannan matakin, nan ne mutane ke yin kuskure, su ɗora wa mutum ɗaya laifi saboda turarensa ne aka fi ji. Bara wata yarinya a ofishinmu, cikin fari, sati na 8, kowa ya gama yanke hukunci cewa turaren Malam mai kula da fayil ne, don shi in ya shigo har baranda sai ta sani. Da muka duba littafinta bayan sati sai ga shi sau 11 abin ya taso mata. Biyar daga ciki tsakanin ƙarfe 8 da 9 na safe ne, lokacin da mai shara ta gama goge ƙasa da maganin nan mai ƙarfin wari ta kuma fesa turaren ɗaki, an rufe tagogi an kunna esi. Uku lokacin azahar ne, in ta ɗauki hijabin sallar da muke yin karo-karo da shi, wanda ya sha humrar mace biyar, tawa ma a ciki. Biyu lokacin da aka buɗe kular abinci mai daddawa da kifi. Turaren Malam sau ɗaya tak, ranar Juma'a. Da mun bi zato da mun ɓata wa dattijo rai a banza, ita kuma ta ci gaba da amai.

3. Kwashe abin da ba na kowa ba tukuna

Ki fara da warin da ba mai shi, don ba wanda zai ji haushi. Turaren fesa ɗaki, wanda ake maƙalawa a soket ko a gaban esi, turaren tsinke, kasko ko bona ta lantarki, ƙwallayen kafur na banɗaki da na cikin durowa, duk a tattara a sa a bokiti mai murfi a kai sito. Maganin sauro in dole ne a fesa shi ranar Juma'a bayan an tashi, Litinin a buɗe tagogi kafin kowa ya zauna. Mai shara ki roƙe ta da mutunci, Baba ko Iya dan Allah a riƙa gogewa da ruwa da ɗan sabulu kawai, mai ƙarfin a bar shi sai yamma in an watse. In janareta na kusa da tagar ɗakin, wannan tagar ba ta buɗuwa in yana aiki, hayaƙinsa ba wari kaɗai ba ne guba ne, ga kowa ma ba mai ciki kaɗai ba.

Sai kayan da ke shan ƙamshi su riƙe: labule, sallaya, hijabin salla, matashin kujera. Ki jiƙa su a ruwa mai ɗumi, bokiti ɗaya da rabin kofi na bekin soda, su kwana, da safe a wanke da sabulu marar ƙamshi, a ɗauraye da ruwan da aka zuba wa rabin kofi na khal, a shanya a rana yini guda. Warin khal ɗin yana tafiya in ya bushe. Turaren mai da humra suna da naci don mai ne ya shiga zare, wani sai an maimaita sau biyu ko uku. Gargaɗi, kar ki taɓa haɗa khal da bilic a ruwa ɗaya, iskar da ke tashi tana ƙona ƙirji. Kujera mai soso da ba ta wankuwa ki barbaɗa mata bekin soda ta kwana ki kakkaɓe a waje, in ta ƙi a musanya mata da ta roba ko ta katako.

Sallaya da hijabin da kika ware mata su zauna a leda mai zif a durowarta, ba aro.

4. Gyara iska da wurin zama

Mutane da yawa sun ɗauka esi na kawo sabuwar iska. Irin wanda ake maƙalawa a bango a ofisoshinmu iskar cikin ɗakin yake ja ya sanyaya ya dawo da ita, don haka fesa ɗaya da aka yi da safe haka za ta yi ta zagaye har la'asar. Fankar sama ma juya iskar kawai take yi.

Ga yadda nake yi. Ki tsaya a tsakiyar ɗakin da ɗan siririn tishu a hannu, ki buɗe ƙofa da tagogi ki ga ta ina iska ke shigowa. Teburin mai lalurar ya koma kusa da inda iskar ke shigowa, ta zama ita ce farkon wadda iska ke taɓawa, ba ta ƙarshe ba bayan ta bi ta kan kowa. Fankar tsaye kuma ki kai ta ɗaya tagar ki juya fuskarta waje, tana tura iskar ɗaki tana fitarwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a saita fanka a kanta don a taimaka mata, alhali bayan fankar akwai mai turare, kin ga an ɗebo an watsa mata a fuska kenan.

Namu ɗakin ƙofa ɗaya ce da taga biyu, yarinyar nan da tana can ƙurya kusa da na'urar fotokwafi, wadda ita ma in ta yi zafi tana da nata warin. Muka dawo da ita bakin tagar gabas, kusa da ƙofa kuma don in abin ya taso ta fita ba sai ta ratsa mutane ba.

Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kin san ƙurar Zariya, ba mai yarda a bar taga a buɗe. To a buɗe duka minti 10 zuwa 15 da safe kafin a zauna, a sake bayan azahar in an dawo daga salla an ci abinci. Da bazara in zafi ya sa dole sai esi, haka za a yi, a kashe shi a buɗe na ɗan lokaci sau biyu a yini. In ɗakin ba taga sam, a bar ƙofa a buɗe fanka na tura iska baranda, in kuma hakan ma bai yiwu ba gaskiya a nema mata wani ɗakin na wata biyun nan.

5. Yanzu sai maganar turaren jikin mutane

Nan ne wurin da ake ɓatawa, don turare a wurinmu ba ƙawa ce kawai ba. Tsafta ce, sunna ce, mace kuma ana auna ta da ƙamshin kayanta. Ka ce wa mutum ya daina sa turare kamar ka ce masa ya fito ba wanka ne. Don haka ni ban taɓa cewa a daina ba, cewa nake a rage, kuma ina faɗin yadda za a rage ɗin dalla-dalla, don "a rage" kawai kowa zai ce ai ya rage.

Dalilin kuwa hanci yana sabawa da ƙamshin da ke jikinka cikin 'yan mintuna, sai ka daina jinsa, ka ɗauka ya tafi, ka ƙara. Wanda ya yi fesa takwas wallahi bai san ya yi yawa ba. In kin bayyana wa mutane wannan sai ki ga sun sauko, don ba ki ce musu marasa tunani ba.

Ƙa'idar da muke bi ga ta. Turaren fesawa, fesa ɗaya ko biyu, a fata, a ƙirji ƙarƙashin riga, ba a kan mayafi ko hula ko babbar riga ba, don yadi yana riƙewa ya yi ta watsawa duk motsin da ka yi. A yi shi a gida aƙalla minti 30 kafin a iso, saboda kaifin farko mai hawa kai shi ke fara tashi, kafin ka zo daga Samaru ko Sabon Gari ya lafa. Turaren mai irin su ud da almiski, ɗigo ɗaya a kan yatsa ya isa, ya fi na fesawa daɗewa nesa ba kusa ba. Ba a ƙarawa a cikin ofis, ba a ƙarawa a banɗakin ofis, wanda zai fita unguwa daga aiki ya sa a mota ko a bakin geti. Kuma a ƙirga duka, man shafawa mai ƙamshi da na hammata da man gashi da turare, in an tara su huɗu ko kowanne kaɗan ne sun zama da yawa. Na hammata kam kar a bari, warin zufa ma yana tayar da zuciya, a nemi marar ƙamshi ko a yi amfani da alimun.

'Yan'uwana mata, kabbasa ce babbar matsalarmu. Kayan da suka kwana a kan kabbasa sun sha turaren wuta, sannan aka bi da humra, wannan ƙamshin kwana uku yake yi, kuma ni da nake sayarwa na fi kowa sanin haka ake so. Abin da nake yi, na ware kala biyar na zuwa aiki da mayafansu, ba sa hawa kabbasa, ba sa kwana a durowa ɗaya da na biki. Humrata tana nan ina shafawa in na dawo gida, wanda aka yi dominsa ma a gida yake.

Gwajinsa mai sauƙi ne, tsawon hannu. In wadda ke tsaye nesa da ke fiye da tsawon hannu tana jin ƙamshinki, ko kin fita daga ɗaki ya zauna bayanki, ya yi yawa. Kar ki tambayi hancinki, tambayi wani a gida kafin ki fito.

Ranar Juma'a kuwa ba na taɓa wa maza turarensu, na dai roƙe su su sa a hanyar masallaci maimakon tun safe, in an sauko kuma za a dawo ofis a buɗe tagogi. Malam da kansa ya ce ai addinin da ya so turare ran Juma'a shi ne ya ce wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa ya nisanci masallaci don kar ya cutar da mutane da wari, asalin dai kar a cutar. Tun daga nan kwalbarsa ta koma aljihun mashin.

Wajen faɗa, ki yi wa kowa gaba ɗaya, ba sunan kowa. Abin da na tura a guruf ɗinmu kenan: "Salamu alaikum. Dan Allah muna neman alfarma, a cikinmu akwai wanda ƙamshi mai ƙarfi ke sa wa rashin lafiya. Daga Litinin mu riƙa sa turare kaɗan tun daga gida, kar a fesa ko a kunna na wuta a ofis, abinci kuma a ci a baranda. Allah Ya saka da alheri." Ki sami Oga tukuna kafin ki tura, in ya sa baki da "a kiyaye" ɗaya ya fi naki goma. In Ogan ne ma mai yawan turaren, kar ki tunkare shi a gaban yara, ki shiga ki ce ranka ya daɗe shawara na zo nema, ga halin da ake ciki, yaya kake ganin za a yi. Sau biyu na gwada haka, duka su da kansu suka ce to bari mu fara da kanmu.

Wanda ya manta, a same shi shi kaɗai. Banda toshe hanci a gabansa, banda habaici, banda fifita da fayil in ya wuce.

Baƙi masu shigowa ba ki da iko da su. In Hajiya ta shigo da ƙamshinta, wata ta tashi ta karɓe ta, mai lalurar ta ɗan zaga waje, in an tafi a buɗe taga. Mu har alama muke da ita, in ta ajiye biro a kan kofin shayinta na san in karɓi baƙon.

6. Abin da ita za ta yi wa kanta

Kar ta fito da ciki wayam, yunwa na ƙara laulayi kuma tana tayar da ciwon kai. Ɗan biskit tun kafin ta sauko daga gado, sannan kaɗan-kaɗan duk bayan awa biyu ko uku, ruwa kuma kurɓi-kurɓi. Abinci mai sanyi ya fi mai zafi sauƙi don tururi ne ke ɗauko wari. Citta tana taimaka wa tashin zuciya, yanki kamar kan babban yatsa a ruwan zafi, ba jarka guda ba. Mai laulayi da yawa suna jin daɗin shinshina ɓawon lemon tsami in wari ya taso, ta yanka ta sa a 'yar leda a jaka. Mai ciwon ɓarin kai kuwa ta gwada a gida tukuna, wasu lemon ma tayar musu yake.

Takunkumin hanci na yadi ko na asibiti ba ya tare ƙamshi sosai, ƙura yake tarewa. Mai shafin gawayi a ciki ya ɗan fi, a hanya cikin bas ko keke inda ga fetur ga hayaƙi yana ragewa. Kuma dan Allah kar a ɗiga masa turare ko man zafi wai don ya kore wari.

7. In abin ya riga ya taso

A fitar da ita iska nan take, inuwa, ba rana ba. Mai amai ta kuskure baki, ta jira kamar minti 15 sannan ta fara kurɓar ruwa. Mai ciwon kai a kai ta wuri mai duhu da shiru, tawul mai sanyi a goshi ko ƙeya, ta sha maganinta da wuri tun ciwon bai kafu ba, don in ya kafu magani ba ya cika kamawa. Kuskuren da na sha gani da idona, a taru a kanta ana shafa mata man zafi a goshi, ko a kawo garwashi a yi mata hayaƙi don an ce ciwon ɓari ɗaya na iska ne. A yi mata addu'a, a tofa mata, amma hayaƙin nan ƙara mata yake, ni an yi min ina yarinya kwana biyu ban ɗaga kai ba.

Maganar magani ki kula sosai. Mai ciki farasitamol ne na farko, ƙwaya biyu masu 500, kar ya wuce sau huɗu a awa 24. Ibufurofen da daikulofenak ba nata ba ne sai likita ya ce, musamman daga sati na 20. Maganin ciwon ɓarin kai mai sinadarin agotamin, wanda aka fi sani da kafagot, haramun ne gare ta gaba ɗaya. Don haka kar wata ta buɗe jaka ta ce ungo wannan shi nake sha. Wadda dama take da ciwon kuma ta samu ciki ta kai duk magungunanta wurin awo a duba, labari mai daɗi shi ne da yawa ciwon yana lafa musu daga wata na huɗu. Marar ciki kuma ta ƙirga, in tana shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, ko kwana 10 in masu haɗi ne da sinadarin kafeyin ko kodin, maganin da kansa yana iya zama shi ke dawo da ciwon, sai ta ga likita.

Akwai inda gyaran ofis ya ƙare sai asibiti, ranar, ba gobe ba. Mai ciki da ko ruwa ba ya zama a cikinta yini guda, fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu, tana jiri in ta miƙe, tana ramewa, wannan ya wuce laulayin gida, ƙarin ruwa take buƙata. Mai cikin da ya wuce sati 20 ta ce kanta na sarawa, ido na dishi-dishi, fuska ko hannu sun kumbura, ko saman cikinta na ciwo, kar wanda ya ce turare ne, a auna jininta, in ya kai 140 bisa 90 alamar hawan jinin masu ciki ce mai kai wa ga jijjiga. Haka duk wanda ciwon kai ya faɗo masa farat ɗaya irin wanda bai taɓa ji ba, ko da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta sarƙe. A sa shi a mota, Shika ko Gambo Sawaba ko duk asibitin da ya fi kusa.

8. Duba bayan sati biyu

Ku sake buɗe littafin. Yarinyar nan daga 11 a sati ta dawo 3, biyu ma a cikin keke ne kafin ta iso, sai ta koma fitowa da wuri kafin cunkoson Kwangila. In lissafi bai sauka ba akwai abin da ya ɓuya, ki duba labule, jakar wani, ko kwandon shara da ake zuba ragowar abinci.

Da ta shiga sati na 18 ita da kanta ta ce Anti ku dawo da abincinku ciki, sai muka dawo da shi. Turaren fesa ɗaki da kasko dai ba su dawo ba saboda ni da wani yaro mai irin ciwona, teburinta kuma yanzu wata ce a kai, ita ma ta zo ta same ni a baranda satin da ya wuce ta ce in ba ta littafi.